Kano Road Ba a Kano Yake Ba: Yadda Manhaja Ke Rarrabe Adireshi

Duk wanda ya taɓa cika fom a banki ko asibiti ko makaranta ya san gurbin nan guda ɗaya mai tsawo da ake cewa a rubuta adireshi a ciki. Kowa yana rubuta abin da ya saba faɗa wa baƙo. Wani ya fara da lambar gida, wani da sunan unguwa, wani ya ce bayan masallacin Juma'a ya tsaya nan. Ma'aikaci ya kwafe shi a kwamfuta yadda ya gan shi. Shekara ta bi shekara, layuka su taru har dubu ashirin ko fiye. Ran nan sai shugaban asibitin ya tambaya: marasa lafiya nawa ne suka zo mana daga ƙaramar hukumar Tarauni a bana? Amsar tana cikin kwamfutar, amma ba mai iya ciro ta, domin a wurin kwamfuta kowane adireshi jerin haruffa ne kawai, ba ta san inda sunan titi ya ƙare sunan gari ya fara ba.

Aikin da ake ba masu rubuta manhaja a irin wannan hali shi ne su sa kwamfuta ta ɗauki wannan dogon rubutu ta rarraba shi gurbi-gurbi: titi daban, gari daban, jiha daban. Da jin sa kamar aikin yini ɗaya. Wanda ya taɓa yin sa da adireshin Kano ko Kaduna ko Zariya ya san cewa rarrabawar kanta ba ta da wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne hana manhajar ta riƙa cika gurbi da ƙarfin hali a inda ya kamata ta ce ba ta sani ba.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowa ita ce a yanka rubutun a duk inda aka ga waƙafi, a ce yanki na farko titi ne, na biyu gari, na uku jiha. Tana aiki a kan adireshi irin `5 Kano Road, Kaduna, Kaduna State`. Amma mutane da yawa ba sa sa waƙafi ko ɗaya, wasu suna sa shi bayan lambar gida, wasu kuma suna da yanki shida saboda sun ambaci layi da kwatance da unguwa. Da an sami yanki ɗaya ƙari, komai ya goce: unguwa ta faɗa gurbin gari, gari ya faɗa gurbin jiha. Dabara ta biyu ita ce a ba manhaja jerin sunayen jihohi 36 da Abuja, a ce duk sunan da ta fara cin karo da shi shi ne jihar. Wannan ta fi ta farko haɗari, domin kuskurenta ba ya nuna kansa. A cikin garin Kaduna akwai Kano Road da Katsina Road da Jos Road. A cikin Kano akwai Zaria Road da Katsina Road, har da France Road a Sabon Gari da Beirut Road inda ake kasuwar waya. Manhajar da ke cafke sunan farko za ta kai mutumin Kaduna Kano, ta kai na Kano Katsina, in kuma an ba ta jerin ƙasashe sai ta tura ɗan kasuwar Sabon Gari Faransa. Gurbin zai cika da suna na gaskiya, rubutacce daidai, ba wanda zai zarge shi da ido.

Bari mu ɗauki adireshi ɗaya na misali, ƙirƙirarre amma irin wanda ake gani kullum, mu bi shi daga farko har ƙarshe:

```
No 14 Zaria Rd bayan tasha U/Uku Kano 0803xxxxxxx
```

Kafin a taɓa shi, sai a ajiye kwafinsa yadda yake a gurbi na musamman wanda ba a canja masa ko harafi. Duk gyare-gyaren da za su biyo baya a kan wani kwafin ake yin su. Dalilin shi ne manhaja za ta yi kuskure, kuma ranar da aka gano kuskuren, asalin rubutun ne kaɗai abin da za a koma gare shi. Wanda ya rubuta sakamako a kan asalin ya rufe wa kansa hanyar gyara.

Sannan a share fage. A mai da haruffa duka ƙanana, a rage tazarar da ta yi yawa, a daidaita alamar da ke gaban sunaye irin 'Yankaba, wadda waya ke rubutawa a lanƙwashe kwamfuta kuma a miƙe. A nan akwai wani tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Masu manhaja suna da wata dabara da suka saba da ita ta cire alamomin da ke kan haruffan Faransanci, wadda ke mai da Tillabéri ta koma Tillaberi. Dabarar tana raba harafin da alamarsa, ta jefar da alamar. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a tsarin Unicode kowannensu harafi ne guda cur, ba a iya raba lanƙwasarsa da jikinsa. Don haka sai a jefar da harafin baki ɗaya:

```python
import unicodedata
s = unicodedata.normalize("NFKD", "Maraɗi")
print(s.encode("ascii", "ignore"))   # b'Marai'
```

Maraɗi ta zama Marai, Ƙofar Mata ta zama ofar Mata, kuma babu jerin sunaye da zai gane su. Abin baƙin cikin shi ne wanda ya kula ya rubuta Hausarsa daidai, adireshinsa ne ke lalacewa. Maganin layi ɗaya ne, a sa shi kafin wancan mataki:

```python
s = s.lower().translate(str.maketrans("ɓɗƙƴ", "bdky"))
```

Wannan don bincike ne kawai. Sunan da za a nuna wa mutane a ƙarshe ya kamata ya fito da lanƙwasarsa.

Bayan nan sai a tsame lambobi, domin su ne suka fi saurin ganuwa. Lamba goma sha ɗaya da ta fara da sifili lambar waya ce ta Najeriya, a kai ta gurbinta. Lamba shida a jere kusa da ƙarshen rubutu galibi lambar gidan waya ce, irin 700001 ta babban gidan waya na Kano ko 800001 ta Kaduna, sai dai ƙalilan ne ke rubuta ta. Abin da ya biyo bayan `P.M.B.` ko `P.O. Box`, ko `BP` a Nijar, akwatin wasiƙa ne, ba ya nuna inda mutum yake kwana. Abin da ya biyo bayan `No` ko `Plot` lambar gida ce ko fuloti. Amma ba kowace lamba ce ake tsamewa ba: a Abuja, 11 ɗin da ke cikin Area 11 da 4 ɗin da ke cikin Wuse Zone 4 sassan sunan unguwa ne, haka ma unguwar Niamey 2000 a Yamai, wadda lambarta huɗu ta yi kama da lambar gidan wayan Nijar. A misalinmu an cire lambar waya, an cire 14, saura `zaria rd bayan tasha u/uku kano`.

Yanzu an zo zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ita ce a karanta daga ƙarshe zuwa farko. A ƙasashenmu mutum yana fara adireshi da ƙaramin wuri ya ƙare da babba, daga gida zuwa layi zuwa unguwa zuwa gari zuwa jiha. Manyan wuraren su ne masu ƙayyadadden jeri: jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, a Nijar kuma jihohi bakwai da birnin Yamai. Sunayen layuka da lunguna ba su da iyaka, ba wanda ya mallaki cikakken jerinsu. Saboda haka a fara da inda ake da tabbas, kuma duk abin da aka tabbatar ya rage yawan abin da za a nema a gaba. Da an san jihar Kano ce, ƙananan hukumomin da za a duba sun sauko daga 774 zuwa 44.

Kalmar ƙarshe a misalinmu ita ce `kano`. Amma wace Kano, gari ko jiha? Sau ɗaya aka rubuta ta, gurbi biyu kuma ke jiran ta. Ba za a iya yanke hukunci ba sai an duba abin da ya gabace ta. In da Bichi ce ta gabace ta, to Bichi ce garin, Kano jiha ce kawai, kuma kuskure ne babba a rubuta Kano a gurbin gari. In kuma unguwa ce ta cikin birni ta gabace ta, to kalmar tana cika gurbin biyu. Haka abin yake ga Kaduna da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Gombe, duk inda jiha ke ɗauke da sunan babban birninta, haka ma Maraɗi da Tawa da Dosso a Nijar.

Abin da ya gabace ta a nan shi ne `u/uku`. Wannan salon taƙaita suna da harafi ɗaya da alamar `/` namu ne, kuma manhajar da aka rubuta don adireshin Turai ko Amurka ba ta da dalilin saninsa. Muna rubuta S/Gari da T/Wada da B/Kebbi da K/Namoda da T/Mafara ba tare da tunani ba. Ba a iya warware shi da harafin farko kaɗai. K tana iya zama Ƙofar a K/Mata, Ƙaura a K/Namoda, Kurmin a K/Mashi ta Kaduna. T tana iya zama Tudun ko Talata. Rabin ƙarshe shi ma bai isa shi kaɗai ba, domin B/Kudu Birnin Kudu ce ta Jigawa, D/Kudu kuma Dawakin Kudu ce ta Kano. Hanyar da ke aiki ita ce a shiga jerin wurare a nemi sunan da ya fara da wannan harafi kuma ya ƙare da wannan kalma. A cikin wuraren Kano, U da Uku suna kai mu ga Unguwa Uku, kuma jerin ya nuna tana ƙarƙashin Tarauni. Mai adireshin bai rubuta Tarauni ba, manhaja ce ta ciro ta daga jeri, don haka yana da kyau a sa alama cewa wannan gurbin cirowa aka yi, ba daga hannun mai shi ya fito ba.

Saura `zaria rd bayan tasha`. Ga Zariya, gari babba da ke cikin jeri, amma `rd` na biye da ita, kuma wannan ya isa ya fitar da ita daga takarar zama gari. Kalmomin da ke nuna titi suna kame sunan da ke maƙwabtaka da su, sai dai ɓangaren da suke kamawa ya danganta da harshe. A Ingilishi suna zuwa bayan suna: `Road`, `Street`, `Close`, `Way`. A Hausa suna zuwa kafin suna: titin Zariya, hanyar Haɗeja, layin makaranta. A Faransanci ma gaba suke zuwa: `Rue`, `Avenue`, `Boulevard`. Mutum ɗaya yana iya cakuɗa harsuna biyu a layi ɗaya, kamar yadda mai misalinmu ya yi, don haka dole manhaja ta duba gaba ta duba baya.

Sai `bayan tasha`. A tsarin gurbi uku na titi da gari da jiha, wannan ba shi da masauki, kuma masu manhaja da yawa suna jefar da shi ko su cusa shi cikin sunan titi. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. Titin Zariya doguwar hanya ce, lambobin gidaje kuma ba ko'ina suke bin jeri ba. Mai babur ɗin da zai kai saƙo, ko ma'aikaciyar lafiyar da za ta bi sawun mai jego, abin da zai kai su ƙofar gidan shi ne wannan bayan tasha ɗin. A ƙauye da tsohon gari ma sau da yawa babu titi mai suna sam, kwatancen shi ne adireshin duka: gidan mai unguwa, kusa da rijiya, daura da makarantar allo. Saboda haka adireshinmu yana buƙatar aƙalla gurbi biyu ƙari a kan ukun da aka saba, ɗaya na unguwa, ɗaya na kwatance. Ana gane farkon kwatance da kalmomi irin bayan, gaban, kusa da, daura da, kallon, da takwarorinsu `opp`, `behind`, `near`, `beside`, ko `face` da `derrière` a Nijar. Kalmar gidan tana buƙatar kula, domin gidan mai unguwa kwatance ne, amma Gidan Madi gari ne a jihar Sakkwato, Gidan Rumji kuma gari ne a jihar Maraɗi. A fara duba jerin garuruwa kafin a ce kwatance ne.

Ga abin da aka samu a ƙarshe:

```
lambar_gida: 14
titi:        Zaria Road
kwatance:    bayan tasha
unguwa:      Unguwa Uku
gari:        Kano
k_hukuma:    Tarauni   (daga jeri)
jiha:        Kano      (NG-KN)
```

Lambar `NG-KN` ta tsarin ISO 3166-2 ce, kuma ajiye ta kusa da sunan jiha yana hana rikici irin na `Niger`, wadda a rubutun Ingilishi take nufin jihar Neja ko ƙasar Nijar. A lura kuma da cewa gari da ƙaramar hukuma gurbi biyu ne daban. Birnin Kano ya shimfiɗu a kan ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Zariya ta haɗa ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari. Wanda ya haɗe gurbin biyu zai rasa amsar tambayar shugaban asibitin nan.

Inda manhaja ya kamata ta tsaya

Misalin da muka bi ya warware ne saboda kowane sashensa ya tabbatar da na kusa da shi. Ga wani wanda ba ya warwarewa: `Layin makaranta, T/Wada, Kano`. Akwai unguwar Tudun Wada a cikin birni, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Nassarawa. Akwai kuma ƙaramar hukumar Tudun Wada can kudancin jihar, ta wajen hanyar Jos, tafiyar fiye da awa guda a mota. Duka biyun sun dace da rubutun ɗari bisa ɗari. Ko mutumin da aka haifa a Kano aka miƙa wa takardar, ba zai iya rantsuwa ba sai ya tambayi mai ita. Gurbin jiha ya tabbata, Kano ce ko ta yaya. Gurbin gari da na ƙaramar hukuma kuwa ya kamata a bar su fanko, a ajiye zaɓi biyun a gefe, a tura layin ga ma'aikacin da zai duba wasu bayanan ko ya buga waya.

Irin wannan ba ƙalilan ba ne. Tudun Wada tana Kaduna, tana Zariya, tana Gusau, tana Jos. Sabon Gari unguwa ce a Kano, ƙaramar hukuma ce a jihar Kaduna. Nasarawa jiha ce, ƙaramar hukuma ce a cikin wannan jihar, ƙaramar hukuma ce a Kano, unguwa ce a Kaduna. Ko a cikin jerin 774 ɗin akwai sunaye da suka maimaitu a jihohi biyu, kamar Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Gaya tana jihar Kano, wata Gayar tana jihar Dosso a bakin iyakar Nijar da Benin. Wannan ya sa jerin wuraren ba zai zama sunaye zube ba. Kowane suna sai an ɗaure shi da wanda ke samansa, unguwa da ƙaramar hukumarta, ƙaramar hukuma da jiharta. Jerin mazaɓu na hukumar zaɓe ta INEC mafari ne mai kyau, haka ma taswirar OpenStreetMap, amma sunayen da mutane ke kiran unguwanninsu sun fi waɗanda ke cikin kowane jeri yawa.

Akwai kuma ƙa'idar cewa a gwada dogon suna kafin gajere. Tofa ƙaramar hukuma ce, Dawakin Tofa wata ce daban. Katsina-Ala tana jihar Binuwai, nesa ƙwarai da Katsina. Rimi tana jihar Katsina, Rimin Gado tana Kano, Unguwar Rimi tana Kaduna. Manhajar da ta tsaya da ta ga gajeren sunan za ta riƙa raba mutane da jihohinsu.

Kuskuren rubutu shi ma yana da nasa tarkon. Hanyar da aka fi sani ta jure masa ita ce awon da Vladimir Levenshtein ya fito da shi a 1965: a ƙirga sau nawa za a ƙara harafi, ko a cire, ko a musanya, kafin kalma ta koma wata. Tsakanin Kadna da Kaduna taki ɗaya ne, don haka manhaja za ta gyara. Amma tsakanin Rano da Kano ma taki ɗaya ne, haka Dutsi ta Katsina da Dutse ta Jigawa. Bichi da Bauchi taki biyu. In aka sakar wa wannan awo linzami, sai ya riƙa gyara abin da ba kuskure ba, ƙananan garuruwa su riƙa narkewa cikin manya. Shi ya sa ake ɗaure shi da sharuɗɗa: ba a amfani da shi sai an rasa sunan da ya dace daidai, ba a amfani da shi a kan sunaye masu harafi huɗu ko biyar, kuma a cikin jihar da aka riga aka tabbatar kaɗai yake nema. Sannan akwai sunayen da awon ba zai taɓa haɗa su ba. Sokoto da Sakkwato sun yi nisa a haruffa, Niamey da Yamai haka, Zinder da Damagaram kuwa ba su yi kama ko kaɗan ba. Waɗannan sai mutum ya zauna ya rubuta su da hannu a jerin laƙabobi, kowane wuri da duk sunayen da ake kiran sa da su.

Tsofaffin takardu suna zuwa da wata matsalar, wato lokaci. Fayil ɗin ɗan fansho da aka buɗe a 1985 zai ce Funtua, jihar Kaduna, kuma daidai ne a lokacin, domin sai a 1987 aka yi jihar Katsina. Haɗeja tana jihar Kano har 1991, Gusau tana jihar Sakkwato har 1996. Manhajar da ta ga gari da jiha sun saɓa kada ta ɗauka cewa ɗayansu ƙarya ne. In jerin ya san tarihin, sai a rubuta jihar yanzu a gurbinta, abin da mutumin ya rubuta kuma yana nan a asalin rubutun.

Duk abin da aka bayyana zuwa nan hanya ce ta ƙa'idoji da jeri, inda mutum ke rubuta kowane sharaɗi da hannunsa. Akwai hanya ta biyu, inda ake nuna wa manhaja ɗimbin adireshin da aka riga aka rarraba, ita kuma ta koyi wace kalma ce ta fi zama titi ko gari bisa ga maƙwabtanta. Wadda ta fi shahara ita ce libpostal, wadda Al Barrentine ya rubuta, kyauta ce ga kowa, kuma an horar da ita da adireshi fiye da biliyan ɗaya daga OpenStreetMap da makamantanta. Tana sa wa kowace kalma laƙabi irin `house_number`, `road`, `suburb`, `city`, `state`. Ta ƙware a adireshi mai tsari, kuma ba ta buƙatar waƙafi. Sai dai abin da ta sani shi ne abin da aka nuna mata, adireshin da ke kan taswira kuwa masu tsabta ne, ba su cika ɗauke da bayan tasha ko U/Uku ba. Kuma aikinta ya tsaya ga raba kalmomi, ba ta tabbatar da cewa wurin yana nan ko yana cikin jihar da aka ambata. Wanda zai yi amfani da ita a nan ya fi dacewa ya warware taƙaitattun sunaye ya tsame kwatance tukuna, ya ba ta ragowar, sannan ya gwada amsarta da jerin wurarensa.

Ta yaya za a san ko aikin ya yi kyau? A ɗebo layuka ɗari biyar ba tare da zaɓe ba, mutanen da suka san yankin su rarraba su da hannu, a ajiye su gefe kada a yi amfani da su wajen gyara ƙa'idoji. Sannan a kwatanta gurbi-gurbi, kuma a riƙa fitar da lissafi biyu. A ce manhaja ta cika gurbin gari a layuka 460, ta bar 40 fanko, kuma cikin 460 ɗin 451 daidai ne. Wato ta amsa kashi 92 cikin ɗari, kuma kashi 98 na amsoshinta gaskiya ne. Arba'in ɗin da ta bari aiki ne na ma'aikaci, ana ganin su, ana gama su. Taran da ta cika da kuskure su ne abin damuwa, domin a cikin layuka dubu ashirin sun kai kusan 360, kuma ba abin da zai bambanta su da na daidai. Ana iya matsa wa manhajar ta cika komai, lissafin farko ya kai ɗari, amma na biyun ne zai faɗi.

Ko ba a yi wannan gwaji ba, akwai alamun da ke tona kuskure. A jera garuruwa bisa yawan layukan da suka faɗa musu a duba. In asibitin yana Kano amma Zariya da Katsina suka fito da yawan da ya wuce hankali, sunan titi ne ke shiga gurbin gari. In Rano ba ta da ko mutum ɗaya, awon haruffa ne ya haɗiye ta. In gurbin lambar gida ya cika da kwanan wata, to an buɗe fayil ɗin a Excel ne ya mai da 3/5 rana da wata, kamar yadda yake share sifilin farkon lambar waya. A shigar da waɗannan ginshiƙai a matsayin rubutu tun farko, ba a matsayin lamba ba.

Layukan da aka tura wa ma'aikaci kuma kada gyaransu ya tsaya a kansu. Duk lokacin da ya gano cewa wani taƙaitaccen suna ko wani laƙabi na wata unguwa ne, a shigar da shi jerin laƙabobi tare da ƙaramar hukumarsa, a sake tafiyar da manhajar a kan asalin rubutun duka. Sabon fom ɗin da za a fara amfani da shi daga yanzu kuwa ya zo da jiha a matsayin zaɓi, ƙaramar hukuma ta fito daga jihar da aka zaɓa, gari da unguwa kowanne da gurbinsa, titi ya zama ba dole ba, sannan a bar wa kwatance gurbi mai faɗi inda mutum zai rubuta yadda ake zuwa gidansa da kalmominsa.